Nasiha ga masu sabuwar sana'a: ku nemi watan da kuɗin hannunku zai ƙare tun bai zo ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa. Da yawa daga cikinku sun taɓa cike takardar hasashen shige da ficen kuɗi domin neman rance ko tallafi, daga nan suka jefa ta cikin durowa, alhali ita ce takardar da ke iya faɗa wa mutum watan da zai wayi gari ba shi da abin biyan ma'aikata. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ake karanta ta, kuma zan yi amfani da lissafin wani ƙanena da ya buɗe wurin yin yogot a nan Gombe, wajen Pantami, bayan na daidaita alƙaluman domin su yi sauƙin bi.

Kowane wata a takardar yana da layi huɗu: kuɗin da aka shiga watan da shi, kuɗin da zai shigo hannu, kuɗin da zai fita, sai ragowar da za a tsallaka da ita zuwa wata na gaba. Idon mai sabuwar sana'a kan tsaya a kan ciniki, domin shi ne ke faranta rai, amma layin ƙasa, wato ragowar, shi ne ya kamata a ɗora wa yatsa a bi shi wata bayan wata har a kai inda ya faɗi ƙasa da sifili. Kuma a kiyaye, kayan da aka bayar bashi ba a rubuta kuɗinsu a watan da aka kai su, sai a watan da ake sa ran kuɗin zai zo hannu.

Ƙanen nawa ya shiga Oktoba da naira 1,200,000 bayan ya sayi firiza da janareta. Cinikinsa na wata naira 900,000 ne, kashe-kashensa na madara da sukari da robobi da fetur da albashi naira 800,000, don haka yana ganin ribar naira 100,000 duk wata. Sai dai masu shagunan da yake kai wa kaya rabi suke biya nan take, sauran sai wata mai zuwa. Saboda haka naira 450,000 kawai ta shigo a Oktoba, ya rufe watan da naira 850,000, wato ya ci riba a littafi amma aljihunsa ya ragu da naira 350,000. A Nuwamba bashin baya ya shigo, ya rufe da naira 950,000.

Disamba ne watan da ya fi yaudara. Hunturu ya shigo, mutane sun rage shan abin sanyi, ciniki ya sauko zuwa naira 600,000, amma da yake bashin Nuwamba mai kauri yana shigowa, naira 750,000 ta zo hannu, naira 700,000 ta fita, ragowa ta kai naira miliyan ɗaya cif. Wanda ke duba ragowar wannan watan kawai zai ce sana'a ba ta taɓa yin kyau haka ba, alhali cinikin watan bai ma biya kuɗin da aka kashe ba. Ku lura kuma cewa ciniki ya faɗi da naira 300,000 amma kashe-kashe sun ragu da naira 100,000 kacal, domin albashi ba ya raguwa, firiza kuma dole ta kwana a kunne ko ta cika ko ba ta cika ba.

A nan ne ya yi lissafin da na ga matasa da dama suna yi. Ya ce da ni: "Yaya, ina da miliyan ɗaya, ko da ina asarar dubu ɗari duk wata, ai zan kai wata goma." Raba kuɗin hannu da giɓin wata hanya ce da ke aiki idan kowane wata kamar ɗan'uwansa yake, to amma kuɗin hayar shago a ƙasar nan na shekara ake biya a dunƙule, kuma sarin kaya ba ya jiran ciniki. Na ce masa ya matsar da yatsansa gaba. A Janairu naira 600,000 za ta shigo, naira 700,000 za ta fita, ga hayar naira 500,000, ragowa ta dawo naira 400,000. A Fabrairu ciniki zai ɗan farfaɗo zuwa naira 800,000, abin da zai zo hannu naira 700,000, kashe-kashe naira 800,000, sannan ya tsara sarin buhunan madara da robobi na naira 500,000 domin shirin zafin Maris da Afrilu. Ragowar Fabrairu ta nuna giɓin naira 200,000. Wata goman da yake taƙama da shi bai kai wata biyu ba.

Abin takaicin shi ne Maris wata ne mai albarka a takardar: ciniki naira 1,500,000, kuma ragowa za ta dawo sama da sifili. Amma dillalin madara da yaran da ke aiki ba za su karɓi cinikin Maris a madadin kuɗin Fabrairu ba. Sana'a mai riba tana iya durƙushewa ana saura mako biyu kakarta ta kama.

Bayan an gano watan, kada a yarda da shi tukuna, a gwada shi da abin da aka san yana faruwa. Na tambaye shi nawa yake ɗauka na cefanen gida, ya sosa ƙeya ya ce wajen naira 50,000 a wata, kuma bai rubuta ba saboda a ganinsa kuɗinsa ne. Daga Oktoba zuwa Janairu naira 200,000 ke nan. Na sake tambayarsa ko duk masu shaguna suna biya a kan lokaci, ya yi dariya, domin ya san masu cewa "Alhaji ya yi tafiya, ka dawo jibi". Muka ɗauka naira 200,000 ta bashin Disamba za ta makara. Waɗannan biyun kaɗai suka cinye naira 400,000 ɗin Janairu, ranar ƙarewar kuɗi ta matso daga Fabrairu zuwa ƙarshen Janairu.

Takardar wata-wata ma tana da iyakarta, domin ƙarshen wata kawai take nunawa. Idan mai shago yana son hayarsa ranar 5 ga Janairu, a makon nan kuma za a sayi madara, masu bashi kuwa sai wajen 25 ga wata suke motsi, kuɗi yana iya yankewa a tsakiya ko da ƙarshen watan ya nuna saura. Shi ya sa nake ba da shawarar cewa da zarar ragowar wani wata ta gaza kashe-kashen wata guda, a warware wannan watan mako-mako, a sa wa kowane babban biya ranarsa.

Da yake a Disamba muka zauna, yana da sauran lokacin magana da mutane cikin mutunci. Ya je wurin mai shago tun kafin wa'adi ya roƙi a raba hayar gida biyu, rabi a Janairu rabi a Afrilu, aka amince. Ya rage sarin Fabrairu zuwa naira 250,000, sauran sai ciniki ya buɗe, duk da ya san farashin madara yana iya tashi kafin nan. Ya kuma gaya wa masu shaguna cewa daga sabuwar shekara bashi na mako guda ne, biyu daga cikinsu suka daina karɓar kayansa. Yanzu duk ranar Asabar da yamma yakan zauna da takardar, ya soke alƙalamin hasashe ya rubuta na gaskiya a gefensa, sannan ya sake bin layin ƙasa da yatsa ya ga ko watan ya matso ko ya ja baya.