Wa ake rubuta wa shafin majigi, mai jawabi ko na layin baya?

A wurin aikina a nan Leeds, duk wanda zai gabatar da jawabi a taron horarwa sai an aiko masa da wata 'yar takarda kafin ranar: akwai mai raunin gani a cikin mahalarta, akwai mai nauyin kunne, a tura shafukan tun da wuri, a yi magana a makirfo. Ba wai Turawa sun fi mu tausayi ba ne. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ce ta wajabta wa ma'aikatu su yi gyaran da ya dace don mai lalura, kuma wanda aka hana yana iya kai ƙara. Mu ma a Najeriya muna da tamu dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Sai dai a tarukan da nake halarta idan na je Kano ko Zariya, ban taɓa jin an tambayi kowa yadda yake gani ko yadda yake ji ba kafin a kunna majigi.

Abin da nake so in faɗa shi ne, kwafo ƙa'idojin Turawa kai tsaye ba zai wadatar da mu ba, domin ɗakin taronmu daban yake da nasu. Ɗakin ne ke yanke hukuncin abin da za a iya karantawa, kuma mu ɗakinmu ya fi nasu tsanani.

Mu fara da girman rubutu, tunda lissafinsa mai sauƙi ne. Shafin PowerPoint na yanzu tsayinsa inci 7.5 ne, wato maki 540 a ma'aunin rubutu. A ce allon da ake haskawa tsayinsa mita ɗaya da rabi, kamar yadda ake yawan gani a ɗakunan taron otal da na makarantu. Rubutu mai lamba 12, wato maki 12, zai ci kashi ɗaya cikin 45 na tsayin, kusan santimita 3.3, ƙaramin harafi irin "a" ko "n" kuma kusan rabin haka ne, santimita 1.7. To, mai lafiyayyen ido, wanda likita zai rubuta wa 6/6, da kyar yake tantance harafi mai milimita 8.7 daga nisan mita 6. Daga mita 15, inda layin baya yake, yana buƙatar kusan santimita 2.2. Ka ga ke nan rubutu mai lamba 12 ya gagari ko matashin da idonsa garau ne.

Yanzu a ɗauko wani dattijo da yanar ido ta fara kamawa, ganinsa ya sauka zuwa 6/18. Shi yana buƙatar ninki uku, santimita 6.5 daga layin baya. Ko ka kai rubutun lamba 24, wanda a nan ake yawan cewa kada a yi ƙasa da shi, ƙaramin harafi santimita 3.3 ne kawai. Baba zai karanta shi ne idan yana zaune cikin mita 7 na farko, bayan nan sai dai ya ga inuwa. Lamba 36 ma santimita 5 take bayarwa, ba ta kai ba.

Wannan lissafin ya nuna cewa rabin maganin yana wajen kujera. A nan ana keɓe wa masu raunin gani da ji kujerun gaba ba tare da wata hayaniya ba. A gida kuwa layin gaba na manyan baƙi ne, masu babbar riga da 'yan rakiyarsu, waɗanda sau da yawa za su tashi da zarar an gama jawabin buɗe taro, a bar kujerun fanko har la'asar, alhali malamar da ta zo daga ƙauye da tsohon tabarau tana can baya tana kanne ido. Ban ce a tayar da hakimi ba. Amma layi na biyu da na uku ai ba gadon kowa ba ne, kuma mai gabatarwa zai iya cewa cikin ladabi, duk wanda ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai ya matso, ga wuri. Mutanenmu suna da kunyar faɗa da kansu. Idan aka yi gayyar a buɗe ga kowa, sai ka ga har da waɗanda ba ka zata ba sun taso.

Akwai ƙarin dalilin girmama rubutu idan da Hausa ne. Ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ 'yar mitsitsiya ce, ita ce farkon abin da ke ɓacewa daga nesa. Wasu salon rubutun ma ba su da waɗannan haruffa sam, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon, ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri ko ya karkace a tsakiyar kalma. Kafin in zaɓi salo, nakan buga "ƙwarƙwata, ɗanɗano, ɓarna" in duba ko sun zauna daidai.

Sai batun haske. Ƙa'idar WCAG, wadda masu shafukan intanet ke bi, ta ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 bisa 1, ko 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1. Toka-toka mai lamba `#767676` a kan fari shi ne ya tsallake da kyar. Abokan aikina a nan suna auna wannan a kwamfuta su ce shi ke nan, kuma a ɗakinsu mai labule mai kauri da sararin sama mai gajimare, yawanci hakan ya isa. Amma a ɗauki majigi mai ƙarfin haske lumen 3,000 a kan allo mai murabba'in mita 4. Farin da yake fitarwa kusan laks 750 ne, laks kuwa shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan kowane murabba'in mita. Majigi ba ya iya haska baƙi, baƙinsa shi ne duk hasken da ɗakin ya riga ya zuba a kan allon. Idan ranar Kano ta shigo ta taga ta zuba laks 300, fari ya zama 1,050, baƙi ya zama 300. Wato mafi kyawun abin da za ka samu 3.5 bisa 1 ne, toka-tokan nan kuwa ya faɗo kusan 2.4. Idan kuma bango ne mai fentin ruwan madara ake haskawa maimakon allo, abin ya ƙara lalacewa. Saboda haka a gida ba ni da wata shawara sai baƙi wuluk a kan fari. Shafi mai baƙin baya ko shuɗi mai duhu, wanda ke burge mutum a kwamfutarsa, a ɗakinmu yakan koma kamar tsohuwar atamfar da ta sha rana.

Za ka ce a kashe fitilu a rufe tagogi. A nan ne buƙatun suke karo da juna. Mai nauyin kunne yana cike giɓin abin da bai ji ba da kallon bakinka da fuskarka, kurma kuma yana kallon hannun tafinta. Duhu yana yanke musu duka biyun. Abin da ake yi a nan, kuma ba ya cin kuɗi, shi ne a kashe fitilar da ke saitin allo kawai, a rufe tagar da ta fi kusa da shi, a bar haske a kan mai magana da tafinta.

Launi ba zan daɗe a kansa ba. A cikin Turawan arewacin Turai, kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambance ja da kore yadda ya kamata, mata kuma kusan ɗaya cikin 200. A cikin baƙar fata adadin bai kai haka ba, amma a ɗaki mai maza ɗari da wuya a rasa wani, kuma da yawa ba su san suna da wannan matsalar ba tunda ba a cika gwadawa ba. Mu kuwa muna son teburin ja da kore: ƙaramar hukumar da ta cika burin rigakafi kore, wadda ta gaza ja. Maganin shi ne kada launi ya ɗauki saƙo shi kaɗai. A rubuta "ta cika" ko "ta gaza" a cikin akwatin. A zanen layuka, a rubuta sunan kowane layi a bakinsa, a mai da ɗaya ɗigo-ɗigo. Idan dole sai launi biyu, shuɗi `#0072B2` da ruwan lemo `#E69F00` sun fi ja da kore rabuwa. Gwaji mafi arha shi ne ka buga shafin a firinta mai baƙi da fari. In ka kasa gane wane layi ne wane, wani ma zai kasa.

Ta fannin ji ne nake ganin kowane ɓangare yana da nasa laifin. A nan ɗakuna da yawa suna da wata waya da aka zagaye da ita wadda ke aika murya kai tsaye cikin na'urar ƙara ji, za ka ga alamar kunne da harafin T a bango. Amma ba ta ɗaukar komai sai abin da ya bi ta makirfo, kuma kullum sai an sami wanda zai ture makirfo ya ce muryarsa tana da ƙarfi. Haka kuma mutanen nan sun dogara da rubutun kai tsaye na PowerPoint, mai mayar da maganar mai jawabi rubutu a kan allo, wanda ake kunnawa da `Always Use Subtitles` a ƙarƙashin `Slide Show`. Da Turancin irin nasu yana ƙoƙari. Da nawa lafazin, sunayen garuruwa da na magunguna su ne farkon abin da yake kwaɓawa, ga shi sai da intanet mai ƙarfi. A taron da ake tsalle tsakanin Hausa da Turanci cikin jimla ɗaya, janareta na ruri a bayan taga, lasifika na amsa-kuwwa, ban ga amfaninsa ba. Abin da zai yi aiki shi ne duk wani adadi, suna, kwanan wata ko ma'aunin magani ya kasance a rubuce a shafi, manya-manya, domin su ne ba a iya cankowa daga sauran magana. Kan kowane shafi ya zama cikakkiyar jimla, misali "Yara 40 cikin 100 ba su dawo allura ta uku ba" maimakon "Sakamako". Wanda zaren magana ya kufce masa zai kamo daga nan. Kada ka juya baya kana yi wa allo magana. Idan akwai tafintan maganar hannu, ka ɗan dakata bayan sauya shafi, don ido ɗaya ba zai karanta allo ya kuma kalli hannu a lokaci guda ba.

Inda muka fi su kuwa, baki ne. Bature yakan nuna zane ya ce kamar yadda kuke gani a nan, ya wuce, makahon da ke ɗakin bai san me aka gani ba. Mu mun taso a zauren karatu inda malam ke jan baƙi ya fassara ya maimaita, kuma duk mai wa'azi ya san ya sake faɗin tambayar da aka yi masa kafin ya amsa. Abin haushi shi ne da zarar ɗanmu ya riƙe rimot ɗin majigi sai ya watsar da wannan ya koma "kamar yadda kuke gani". Ka faɗi abin da zanen ya nuna: layin ya tashi daga watan Yuni, ya kai ƙololuwa a Satumba, ya sauko da rabi a Disamba.

Tura shafuka tun kafin taro ma ya fi mana sauƙi, tunda babu taron da ba a buɗe masa zauren WhatsApp. Sai dai a tura ainihin fayil ɗin, kada a ɗauki hoton allo. Hoto yana dushewa idan an buɗa shi, kuma manhajar da ke karanta wa makaho rubutu, irin TalkBack a wayar Android, ta fi samun abin kamawa a rubutu na gaske. Kafin ka tura, danna `Check Accessibility` a ƙarƙashin `Review`, zai nuna maka hotunan da ba ka rubuta musu bayani ba da shafukan da ba su da kai. Girman ɗakin da ƙarfin rana ne ba zai auna maka ba. Wannan sai ka isa da wuri, ka haska shafinka mafi cunkoso, ka taka zuwa kujerar ƙarshe ka karanta da kanka.