Amsa biyu daban, kuma duk daidai ne

"Na cire sitet-sitet na samu rejeks ɗina, na abokina ya fito daban, waye ya yi kuskure?"

Wataƙila babu kowa fa. Sitet ɗin otomaton da ka fara cirewa ne yake canza kamannin amsar.

Ɗauki otomaton mai karɓar kalmomin haruffan a da b da adadin a ɗinsu ke rabuwa biyu cif, sitet biyu gare shi, q0 da q1, q0 ne mafari kuma shi ke karɓa, harafin a na kai ka q1 ya kuma dawo da kai, b kuwa inda kake yake barinka. Saka sabon mafari da sabon ƙarshe, ka haɗa su da q0 da kibiyar ε, wato wadda ake bi ba tare da karanta harafi ba.

In ka fara cire q1, hanyar q0 zuwa kansa ta cikinsa ita ce shiga, zagaye, fita, wato `ab*a`, ka haɗa da b ɗin da ke wurin:

```
(b|ab*a)*
```

In q0 ka fara cirewa kuwa, kibiyoyi biyu ke shigarsa biyu ke fita, hanyoyi huɗu kenan, shi ya sa abin ya yi tsawo:

```
b*|b*a(b|ab*a)*ab*
```

Kalmomi ɗaya suke karɓa. Inda ake kwafsawa da gaske shi ne manta zagayen q1, sai ka ga `(b|aa)*`, gwada shi da aba, otomaton ya karɓa shi kuwa ya ƙi.