Yawan mabiya ba shi ne yawan ciniki ba

"Ai shafinmu na Facebook ya bunƙasa, ka ga yawan mabiya da masu danna so." Wannan magana nake yawan ji daga masu tallar kaya a waya a nan Gezawa, kuma tana damuna. Ba banza suke faɗa ba, domin inda jama'a suka taru nan ake sa ran mai saye. Sai dai adadin mabiya lissafi ne na duk wanda ya taɓa danna maɓallin bin shafin sau ɗaya bai janye ba, har da wanda ya daina buɗe shafin tuntuni. Facebook kuma ba ya nuna kowane rubutu ga duk mabiyanka.

A ce mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana da mabiya 5,000. Ta sa hoto, mutum 300 suka danna so, amma biyu kacal suka tambayi farashi. Ta buɗe Insights, wato wurin da Facebook ke nuna bayanan masu kallon shafi, sai ta ga yawancin masu kallon suna Legas da ƙasashen waje, ita kuwa iyakar inda take kai kaya Kano ne. Wani hoton mutum 40 kawai suka so, amma 12 suka turo saƙo, biyar suka saya. Wannan na biyun ne ya kawo kuɗin cefane.

Don haka duk mako a rubuta a littafi: mutum nawa suka gani, nawa suka turo saƙo, nawa suka biya, nawa suka dawo saye. Idan mabiya na ƙaruwa amma saƙonni sun tsaya cak wata biyu, waɗanda ake tarawa ba masu saye ba ne. Kuma kada a gwada makon sallah da sauran makonni, domin cinikin sallah daban yake.