Shaddar Kawu da Harafi Guda

Ni da bakina na hana Kawu Alhaji biyan kamfanin nan mai haɗa wa mutane shafin intanet, wanda mutum zai zaɓi tsarin da aka riga aka zana, ya ja hoto ya ajiye, ya rubuta farashi da kansa. Hujjata ba ta banza ba ce. Kuɗinsu na wata-wata da dala suke karɓa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake biya da dala ya zama ciwon kai, ga shi ran da ka daina biya shafin ba ya bin ka, domin ba su ba ka shi ka kai wani wuri. Na ce masa zan rubuta namu da hannuna, HTML da CSS kawai, abin da zai riƙa biya shi ne sunan shafi mai ƙarewa da .com.ng da hayar wurin ajiya, sau ɗaya a shekara, da naira. Ya ce, "To, ɗana, Allah ya yi albarka." Dare uku na yi a kai.

Ranar nunawa ta faɗo bayan sallar Juma'a, shagonsa na Agege cike da mutane, har da wani baƙo da ya zo daga Mile 12 sarin shadda. Kawu ya sa aka kashe rediyo. Na karɓi wayarsa, na rubuta sunan shafin, na miƙa masa da hannu biyu. Sunan shago ya fito, lambar waya ta fito, farashi ya fito, amma duk inda hoton shadda ya kamata ya zauna babu komai sai wani ɗan akwati mai alamar tsagaggiyar takarda, guda goma sha biyu a jere. Kawu ya ɗaga tabarau, ya matso da wayar, ya nesanta ta, sa'an nan ya tambaye ni cikin natsuwa ko kayan ne suka ƙare. Na ce matsalar sabis ce. Na sake buɗewa, akwatunan suka dawo yadda suke. Na ce wayar ce, baƙon ya miƙo tasa, akwatunan suka bayyana a can ma, har sun fi girma domin wayarsa ta fi faɗi.

A nan Ɗanladi mai gyaran waya ya sa baki, mutumin da ba wanda ya gayyato shi, wanda kuma har yau bai mayar mini da cajata ba tun azumin bara. Ya leƙo ta kafaɗar Kawu ya ce, "Alhaji, ai wannan farar shadda ce, shi ya sa ba a ganinta." Shago ya kwashe da dariya, har yaron da ke auna yadi ya ajiye almakashi ya riƙe ciki. Shi Ɗanladin nasa shafin a wurin kamfanin ya haɗa shi cikin yini guda, yana kuka da kuɗin duk wata, amma ranar ko sau ɗaya bai ambaci dala ba.

Sai da dare na gano abin. A cikin shafin na rubuta haka:

```
<img src="hotuna/shadda1.jpg">
```

Sunan hoton kuwa `Shadda1.jpg` ne. Kwamfutata mai Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, don haka a ɗakina komai ya fito sumul, amma na'urar da ke ajiye shafin Linux take amfani da shi, kuma a wurinta waɗannan sunaye biyu ne daban, sai ta amsa da 404, wato babu. Gyaran bai kai minti biyar ba, lokacin kuwa duk wanda ya yi dariya ya riga ya yi barci.

Abin da ban lissafa ba shi ne farashi. Ɗanladi yana canja nasa daga waya yana shan shayi, Kawu kuwa ba zai iya taɓa HTML ba, saboda haka duk lokacin da kaya suka tashi ni ake kira, in buɗe fayil, in nemo layin, in gyara, in sake ɗorawa. Kuɗin da na tsirar masa daga dala da barcina nake biya. Sau ɗaya na yi haka a cikin danfo, a cunkoson Oshodi, kwamfuta a kan gwiwa, wata mata tana tambayata ko jarrabawa nake rubutawa. Wata uku bayan haka takardar tsaron shafin, wadda ake samu kyauta amma take ƙarewa bayan kwana 90, ta mutu domin ban saita ta ta sabunta kanta ba, wayar Kawu ta fara nuna `Your connection is not private`, ya kira ni da asuba yana tambaya ko 'yan damfara ne suka shiga shago.

Na gyara wannan ma. Jiya ya aiko mini da sababbin hotuna ashirin, duk sunayensu da manyan haruffa, ya ce kuma Ɗanladi yana gaishe ni.