Kowace kalma a jimlar matsaya tana bukatar shaidarta

A hutun da ya wuce ɗan yayata, wanda ke karatu a wata kwalejin ilimi, ya same ni a zaure bayan sallar la'asar da takardu huɗu a hannunsa. An ba su aikin rubuta insha'in muhawara a kan ambaliyar ruwa, an kuma ce kowa ya fara da jimla guda wadda za ta ɗauki matsayarsa, sannan ya kare ta da hujjojin da ya ambaci inda ya samo su. Ya miƙo mini ya ce, "Kawu, duba mini wannan, malaminmu ya dawo mini da ita har sau biyu." Jimlar da ya rubuta a saman shafi ita ce: "Ambaliyar ruwa ita ce babbar musibar da ta talauta dukkan manoman Jigawa, kuma madatsun ruwa ne suka jawo ta."

Na fahimci zafin da ya rubuta ta da shi, domin gonar shinkafar mahaifinsa tana cikin waɗanda ruwa ya shanye a daminar 2022, kuma da idonsa ya ga an fito da buhunan da suka saura a kwalekwale. Amma na gaya masa cewa malaminsa yana da gaskiya, kuma ra'ayina ke nan a kan duk wata jimlar matsaya: kada ta fi ƙarfin shaidun da marubuci zai iya gabatarwa. Mu da muka taso muna jin shari'ar gona a gaban alƙali mun san cewa mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma ba a sauraron mutumin da ya ce kawai an cinye masa gona sai ya faɗi wace gona ce, da wa ta yi iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, kuma tun yaushe aka shiga masa. Jimlar matsaya da'awa ce, mai karatu kuwa alƙali ne wanda bai san ka ba, bai kuma ga abin da ka gani ba.

Sai muka ɗauki biro muka ja layi a ƙarƙashin kalmomi huɗu: "babbar", "talauta", "dukkan" da "jawo". A kan kowacce na yi masa tambaya ɗaya: wace takarda ce a hannunka za ta tsaya wa wannan kalmar?

"Dukkan" ce ta fara faɗuwa. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, kuma manomin gero a jigayin Maigatari ko Babura, wanda sau da yawa kukansa ƙarancin ruwa ne da yankewar damina da wuri, ba ya cikin halin mai shinkafa a fadamar Guri. Mutum ɗaya tak daga can ya isa ya rushe jimlar. "Babbar" kuma tana nufin ka auna ambaliya da fari, da tsadar taki, da tsuntsayen jan-baki, ka nuna ta fi su ɓarna, alhali ba shi da ko takarda ɗaya da ta yi wannan awon. "Talauta" ta fi su nauyi, domin tana bukatar a san abin da gida yake samu kafin ruwa da bayansa. Rahoton hukumar agajin gaggawa da ya kawo yana ƙidaya gidajen da suka rushe ne da gonakin da ruwa ya rufe, kuma asarar amfanin shekara guda daban take da talaucewa, ko da yake ɗaya na iya kai wa ga ɗaya. Wanda ya jingina "talauta" a kan irin wannan rahoto ya sa shaida ya faɗi abin da bai faɗa ba.

A kan kalmar "jawo" muka fi daɗewa, domin a nan ne ɗalibai suka fi zamewa, kuma a nan ne ainihin muhawarar take. Ya ce mini ai kowa ya san an kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka a kan kogunan da ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, kuma tun daga lokacin al'amarin ruwa ya sauya a ƙasarmu. Waɗannan shekarun gaskiya ne, amma ba su isa matsaya ba, tunda babu mai jayayya da su, kuma abin da ba a jayayya da shi ba a yin muhawara a kansa. Haka nan zuwan abu bayan wani abu bai tabbatar da cewa na farkon ne ya haifi na biyun ba. Wani zai tashi ya ce madatsa tana riƙe ruwa ne, don haka takan rage girman ambaliya a wasu shekarun, kuma yana da hujja. Wani zai ce ruwan sama ne ya yi yawa a 2022, shekarar da ambaliya ta shafi jihohi da dama a Nijeriya, har da waɗanda Kogin Haɗeja bai ratsa su ba. Idan kana son kalmar "jawo" ta tsaya, dole ka nuna hanyar da abin ya bi, mataki bayan mataki, kuma kowane mataki da madogararsa.

Da muka koma kan takardunsa sai muka tarar hanyar tana nan, a cikin wata maƙalar mujallar bincike da ya karanta sama-sama ya ajiye. A da, kogin yakan cika da damina ya kuma janye da rani har rassansa su bushe. Bayan an gina madatsun, aka riƙa sakin ruwa har da rani saboda noman ban-ruwa da ruwan sha, sai wurare da yawa suka daina bushewa. Kachala kuwa ciyawa ce mai son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, don haka ta samu wurin zama ta cika hanyoyin ruwa. Inda ta yi kauri gudun ruwa yakan ragu, laka ta kwanta, hanya ta cike, ruwan da ya rasa mafita ya fantsama cikin gonaki ya daɗe bai janye ba. Wannan bayani ne da za a iya kafa wa hujja, kuma duk wanda ya taɓa shiga yankin Kirikasamma ko Guri ya ga kachalar da ta fi tsayin mutum a inda ake kamun kifi a da. Sai dai a lura da abin da ya faru da da'awar: ta sauka daga "ambaliya" gaba ɗaya zuwa daɗewar ruwa a gonaki, ta kuma sauka daga jiha guda zuwa wani yanki na kogi guda.

Ga jimlar da ya sake rubutawa da hannunsa: "A ƙauyukan da ke bakin Kogin Haɗeja daga Haɗeja zuwa Guri, kachalar da ta yaɗu bayan madatsun Tiga da Challawa sun sa ruwa yana gudana har da rani tana cikin manyan dalilan da ke sa ruwa ya daɗe kwance a gonaki, don haka yashe hanyoyin ruwa ya kamata ya shiga duk wani shirin rage ɓarnar ambaliya a yankin." Ta fi ta farko tsawo, ba ta kuma kai ta amo ba, amma kusan kowane gaɓa nata yana da mai tsaya masa. Shekarun madatsun da yadda ake sakin ruwa ana samunsu a takardun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Alaƙar ruwan rani da kachala maƙalar mujalla ce ke ɗauke da ita. Girman ɓarna rahoton agaji ne zai nuna shi. Yadda ruwa ke daɗewa a gona kuwa manoma biyar da ya yi hira da su za su bayyana, muddin ya rubuta ranar hirar da ƙauyen da aka yi ta, kuma bai mayar da mutum biyar sun zama "manoman yankin" ba. Kowane gaɓa ya zama sakin layi guda ko biyu, sai ga tsarin insha'in ya fito daga cikin jimlar da kansa.

Da farko ya so ya rufe da cewa yashe hanyoyi ya fi rabon kayan agaji amfani. Na hana shi, duk da cewa zuciyata ta karkata ga maganar, domin "ya fi" kwatanci ne da ke bukatar kuɗin da kowanne ke ci da abin da kowanne ke tsarewa, kuma ba shi da lissafin ko ɗaya. Haka kuma kalmar "tana cikin manyan dalilai" ba tsoro ba ce ya sa ya zaɓe ta. Ita ce ta bar masa ƙofar da zai kawo hujjar masu cewa ruwan sama ne, ya amince da abin da yake gaskiya a cikinta, sannan ya nuna cewa yawan ruwa yana bayyana zuwansa amma bai gama bayyana dalilin da ya sa ya ƙi tafiya ba. Amma akwai iyaka ga wannan sassaucin. Na ga ɗaliban da suka tara "wataƙila" da "mai yiwuwa" da "a wasu lokuta" a jimla guda har ta zama babu abin da ta ce, kuma jimlar da ba wanda zai iya musanta ta ba matsaya ba ce.

Akwai alamomin da nake gane jimlar da ta fi ƙarfin shaidunta da su tun kafin in kai ƙarshen shafi na biyu. Za ka ga sunan marubuci da shekara a cikin baka, kamar yadda tsarin APA ya tanada, sun taru a kan abubuwan da ba a musu a kansu, irin su shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, wato 1991, amma da an zo kan gaɓar da ake jayayya sai madogara ta ɓace, a maye gurbinta da "kowa ya sani" ko "bincike ya nuna" ba tare da an ce wane bincike ba. Za ka kuma ga an ɗauko binciken da aka yi a wajen Nguru an shimfiɗa shi a kan Ringim, ko an kafa hujja a kan halin yau da takardar da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce ba tare da an sanar da mai karatu ba. Wadda ta fi damuna ita ce ambaton takardar da ɗalibi bai taɓa buɗewa ba, ya gan ta ne kawai a cikin rubutun wani. Idan haka ta kama, hanyar gaskiya ita ce ya ce ya samo maganar wane ta bakin wane, kamar yadda malamanmu na zaure ke faɗin wanda suka karɓi karatu a wurinsa.

Kafin ya tashi na sa ya raba takarda gida biyu, ya rubuta gaɓoɓin jimlarsa a dama, a hagu kuma ya sa madogarar kowanne da lambar shafi. Wuri ɗaya ya rage babu komai a gabansa, wato maganar cewa yashe hanya yana rage daɗewar ruwa. Na ce masa ko dai ya nemo rahoton wani wurin da aka yashe aka kuma ga abin da ya biyo baya, ko ya tambayi dattawan ƙauyukan da suka taɓa yin gayyar sarar kachala abin da suka gani a daminar da ta biyo, in kuwa duka biyun sun gagara, ya yanke wannan wutsiyar ya tsaya a kan dalilin kawai. Ya ce zai fara da dattawan, tunda ranar kasuwa ta kusa kuma duk za su shigo.