Budurwar Kawu ta Fesbuk

Kawuna da ke unguwar Zariya ya aiko a kira ni da gaggawa, wai in zo in taya shi aika wa wata malamar asibiti jika 20, kuɗin mota daga Damagaram zuwa Maraɗi. A Fesbuk suka haɗu, kuma har an fara zancen sadaki. Na ce, "Kawu, ba ni salular in gaishe da amarya tukuna."

Na fara da hotunanta. Duk rana ɗaya aka ɗora su, watanni biyu da suka wuce, alhali a ciki akwai na sallah, na damina, da na sanyi har da rigar ɗari. Mutumin gaske a hankali hotunansa ke taruwa, kuma ƙarƙashinsu za ka tarar da 'yan uwa suna tsokanarsa. Ita kuwa babu ƙawa, babu ƙanwa, sai dattawa irin Kawu a jere suna ta zuba "Masha Allah".

Sai na kwafi adireshin shafin. Masu wannan sana'a ta damfara sukan canza sunan da ke sama su manta da wanda ke cikin adireshin, saboda wurin gyaransu daban ne. Na amaryarmu sunan namiji ne garau.

Kawu ya ce ai ƙila yayanta ya buɗe mata. To, na ajiye hoto ɗaya na sa shi a Google Lens, mai nemo inda hoto ya fito a intanet, bai kawo kome ba. Kawu ya gyara hula yana murmushi. Amma shirun Lens ba shaida ba ce, don ba ya ganin hotunan da ke rufaffen shafi, kuma ɓarayi kan yanke hoto ko su juya shi don su ɓad da sawu. Kalandar da ke bayanta ma rubutunta a juye yake. Kyamarar gaba kan yi haka, amma duk da haka na juya hoton dama zuwa hagu na sake nema. Sai ga fuskar a shafin wata mai sayar da atamfa a Kano, hoton fes, cikakke har da takalmi, tun shekaru uku baya. Inda hoto ya fi daɗewa kuma ya fi haske, galibi can mai shi yake.

Saura kiran bidiyo. Na ce in ta ɗauka ya sa ta ɗaga yatsu uku ta faɗi sunansa, don akwai masu kunna tsohon bidiyo gaban kyamara. Ba mu ma kai nan ba: wai rezo babu kyau, kyamara ta fashe, kuma tana bakin aiki.

Kawu ya fizge salularsa ya ce tun ina yaro ba ni son ci gabansa. Tuwon da aka zubo mini aka mayar, kuɗin kabu-kabun da ya yi alkawari ma ya ce in nema wajen Google. Ina sa takalmi ya ƙwala mini kira: "Kai, ita ta Kanon, tana da aure?"