Na canza faswod, gida ya juya mini baya

A gidanmu na haya da ke Aboabo, nan Kumasi, datar da nake saya ta wata ɗaya ta koma ƙarewa tun wata bai raba ba. Da na leƙa jerin na'urorin da ke kan rautata sai na ga wayoyin da ban san iyayensu ba. Na ce to, yau za a ga tsiya.

Na buɗe burauza a wayata, na rubuta 192.168.0.1 kamar yadda yake a takardar da ke manne a gindin rautar, na shiga da faswod ɗin mai kula, wanda daban yake da na wayifai. Na shirya wa wayifan sabon faswod mai manya da ƙananan baƙaƙe, na danna Save ina murmushin mugunta. Wanda rautar ta fara kora ni ne, domin ta wayifan nake aikin.

Kafin in gama mamaki Maman Fati ta leƙo daga kicin. "Baban Fati, me ka taɓa? Wa'azin da nake saurare ya tsaya." Talabijin ma ta daskare, yara suka zuba mini ido kamar na cinye musu koko da ƙosai.

Abin da ya fi ba ni haushi, wayata tana ganin sunan wayifan, sanduna a cike, amma a ƙasa ta rubuta Saved ta yi zamanta. In na danna, ta ɗan yi juyi ta dawo. Ko tambayata sabon faswod ba ta yi ba.

Ƙanena mai gyaran waya a Kejetia na kira. Sai da ya ƙoshi da dariya tukuna. Ya ce, "Yaya, sunan wayifan ka canza ko faswod kaɗai?" Na ce faswod kaɗai. Ya ce matsalar ke nan. Kowace na'ura tana ajiye suna da faswod a haɗe tun ranar da aka fara haɗa ta. Tunda sunan yana nan, da ta hango shi sai ta miƙa tsohon faswod, rauta ta ƙi, ta sake miƙa shi. Wasu wayoyin kan gane su nemi sabo, wasu kuwa haka za su kwana suna naci. Maganin shi ne a sa ta manta: a shiga Settings, a danna sunan wayifan, a zaɓi Forget, sannan a haɗa kamar baƙo.

Tawa ta hau nan take. Ta Maman Fati ta ƙi, don na rubuta ƙaramin baƙi a inda babba yake, faswod kuma bai san uzuri ba. Daga nan ƙanen ya nuna mini hanyar ragwaye: a wayar Android da ta riga ta hau, a danna Share, hoton QR ya fito, sauran wayoyi su haska shi da kyamara. Kwamfutar ɗana mai Windows kuwa ta yi taurin kai, sai da ɗan nawa ya buɗe Command Prompt ya rubuta wannan don ta manta da wayifanmu mai suna Gidan Fati:

```
netsh wlan delete profile name="Gidan Fati"
```

Talabijin da rimot na rubuta mata, baƙi ɗaya bayan ɗaya, ina tsine wa wanda ya zaɓi faswod mai tsawo haka.

Na ɗauka an gama. Washegari na buɗe manhajar kyamarar ƙofa, ta ce Offline. Ita ba allo, ba madanni, ba inda za ka rubuta mata komai. Na ari tsani, na hau da allura a baki, na danne ɗan ramin Reset har fitilarta ta fara ƙyafta ido, sannan na sake haɗa ta ta manhaja kamar ranar da na sayo ta. Nan ma ta ƙi, domin irinta 2.4 GHz kawai take ji, ni kuwa na miƙa mata na 5 GHz. Ina saman tsani maƙwabcina ya tsaya a ƙasa ya riƙe mini ƙafar tsanin, yana tambaya cikin ladabi ko ni ma intanet ɗina ya ɗauke tun jiya. Na ce wallahi abin ya shafi kowa.

Hajiya mahaifiyata tana Tamale duk wannan bidiri. Da ta dawo ba wanda ya tuna da wayarta. Wayar ta gwada tsohon faswod, aka ƙi ta, ta koma kan datar sim shiru ba sallama, Hajiya na ta kallon bidiyon jikoki har kati ya ƙare. Na karɓa na ce bari in sa ta manta.

Ta fizge abarta. "Ta manta me? Lambobin 'yan uwana duk suna ciki!"

Na rantse mata wayifai kaɗai za ta manta. Ta ce ba ta yarda ba, a kira ƙanena, shi ne ya yi karatun abin.